Gwada mitar ruwa ta gida a gudu uku, da yadda ake karanta layin kuskurenta

Tambaya: "Ina zargin mitar ruwan gidana tana yi min ƙari. Na tara ruwa a bokiti mai cin lita 20, mita ta nuna kusan 20 ɗin. Sai wani ya ce min gwaji ɗaya bai isa ba, dole a gwada a ƙaramin gudu, matsakaici da babba. Yaya ake yi, kuma ta yaya zan gane abin da sakamakon ke nufi?"

Malam, wanda ya faɗa maka haka ya san abin da yake faɗa. Mitar ruwa ba ta da kuskure guda ɗaya da za a ce shi ke nan nata. Kuskurenta yana canzawa ne gwargwadon gudun ruwan da ke ratsa ta. Idan ka buɗe famfo sosai ka cika bokiti, ka gwada ta ne a inda ta fi ƙwarewa, inda ko tsohuwar mita da ta gaji ma takan ba da lissafi mai kyau. Ciwon mita a can ƙasa yake fara bayyana, wurin da ruwa ke tafiya siriri.

Ka fara da duba fuskar mitar, domin a nan aka rubuta gudun da za ka gwada ta a kai. Mitocin da aka ƙera bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta mitocin ruwa, ISO 4064, wadda ta yi daidai da OIML R 49, suna ɗauke da lambobi biyu: Q3 da R. Q3 shi ne gudun da mitar za ta iya ɗauka kullum ba tare da ta lalace ba, R kuma yana nuna nisan da za ta iya sauka ƙasa tana auna daidai. Daga waɗannan biyun ake fitar da sauran, wato Q1, mafi ƙanƙancin gudun da take auna daidai, Q2, gudun tsakiya, da Q4, mafi girman gudun da za ta iya ɗauka na ɗan lokaci:

```
Q1 = Q3 / R
Q2 = 1.6 x Q1
Q4 = 1.25 x Q3
```

Mu ɗauki mita irin wadda aka fi samu a gidaje, mai bakin milimita 15, da aka rubuta mata Q3 2.5 da R80. Wato kubik mita 2.5 a awa, lita 2,500 ke nan. Raba 2,500 gida 80, ka sami Q1, lita 31.25 a awa. Q2 ya zama lita 50 a awa, Q4 kuma 3,125. Idan taka tsohuwar ƙira ce, maimakon haka za ka ga Qn 1.5 da harafin A, B ko C. A aji na B, ƙaramin gudun lita 30 ne a awa, na tsakiya 120, mafi girma 3,000. Aikin duk ɗaya ne, lambobin ne suka bambanta.

Dalilin da ya sa Q2 ke da muhimmanci shi ne, a nan iyakar kuskure ke sauyawa. Ga sabuwar mita ta aji na 2, wadda ita ce ta gidaje, daga Q1 zuwa ƙasa da Q2 an yarda ta kauce da kashi 5 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Daga Q2 har Q4 kuwa kashi 2 kawai aka yarda, muddin zafin ruwan bai wuce digiri 30 ba. Idan ya wuce, kashi 3. Mitar da ta riga ta yi aiki a gida, ƙa'idar ta ba ta ninkin wannan, wato 10 a ƙasa da 4 a sama, sai dai idan dokar ƙasa ta tsaurara. Ƙasa da Q1 babu wani alkawari da mai ƙera mita ya yi. Tana iya ƙirga rabin ruwan, tana iya tsayawa cik ruwa na wucewa.

Saboda haka gudu ukun da ake nufi su ne Q1, Q2 da Q3. A ɗakin gwaji ana saita na farko tsakanin Q1 da abin da ya ɗara shi da kashi goma, na biyu haka a kan Q2, na uku tsakanin kashi 90 na Q3 da Q3 ɗin kansa. A gida ba za ka kai Q3 ba. Lita 2,500 a awa kusan lita 42 ne a minti, famfon gida kuwa da wuya ya ba ka rabin haka. Kada wannan ya dame ka. Ka ɗauki iyakar abin da famfo ɗaya ya iya bayarwa a matsayin babban gudunka, ka rubuta ko nawa ne. In kana da hali, ka ƙara gudu na huɗu a tsakani, kamar lita 300 a awa, domin tazarar da ke tsakanin 50 da babban gudun famfonka, a ce 900, tana da faɗi, kuma layi mai ɗigo huɗu ya fi mai uku faɗin gaskiya.

Yanzu batun ma'auni, wanda a nan ne yawancin gwajin gida ke rushewa. Bokitin da aka ce yana cin lita 20 ba ma'auni ba ne. Layin da ke jikinsa na iya kaucewa da rabin lita, rabin lita cikin 20 kuwa kashi 2.5 ne, ya riga ya wuce iyakar kashi 2 ta sabuwar mita. A ɗakin gwaji, ƙa'ida ita ce rashin tabbas na kayan awon kada ya wuce sulusin iyakar kuskuren mitar. Hanyar da ta fi kusantar wannan a gida ita ce auna nauyin ruwan. Ka nemi sikeli mai nuna giram 10, ka auna mazubin yana bushe, ka auna shi da ruwa, ka cire. Lita ɗaya ba kilo ɗaya cif ba ce: a digiri 20 nauyinta kilo 0.998, a digiri 25 kilo 0.997, a digiri 30 kusan 0.996. Sai ka raba nauyin ruwan da wannan lamba, ka sami litocin gaskiya. Sikelin da ake hawa don auna nauyin mutum bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan.

Sai karatun mitar kanta. Baƙaƙen lambobi kubik mita ne, ba su da amfani sosai a nan. Jajayen ne naka. A kan mitoci da yawa za ka ga ƙananan allurai huɗu, an rubuta x0.1, x0.01, x0.001 da x0.0001 kusa da su. Na farko kowace lamba lita 100 ce, na biyu 10, na uku lita ɗaya, na ƙarshe kashi ɗaya cikin goma na lita. A kan wannan ta ƙarshen, ido na iya raba tsakanin lamba da lamba gida biyu, wato lita 0.05. Ka tsaya daidai saman gilashin idan za ka karanta, domin kallon gefe yana karkatar da allurar. Ɗaukar hoto da waya kafin da bayan kowane gwaji ya fi dogaro da ido.

Wannan 0.05 ɗin ita ce ke yanke yawan ruwan da za ka tara. Sau biyu kake karantawa, farko da ƙarshe, don haka kuskuren idonka na iya kai lita 0.1. Idan lita 5 ka tara, wannan kashi 2 ne, ya cinye iyakar sabuwar mita daga Q2 zuwa sama gaba ɗaya. A lita 10 kashi 1 ne, wanda ya wadatar a Q1 tunda iyakar can 5 ce. A Q2 ka tara aƙalla 20. A babban gudu ka tara 100 a durom a buɗewa ɗaya, sannan ka riƙa kwasa kana aunawa kashi-kashi a kan sikeli. Dalilin yawan nan shi ne, lokacin buɗe famfo da rufe shi ruwa yana bi ta ƙananan gudu, farfelar mita kuma takan ɗan ci gaba da juyi bayan an rufe. Idan ruwan da aka tara yana da yawa, wannan ɗan abin sai ya narke a ciki. Ka shirya wa lokaci: lita 10 a gudun 33 a awa minti 18 ne, lita 20 a gudun 52 kusan minti 23.

Kafin ka fara ƙirga komai, ka rufe duk wata hanyar ruwa a gidan, har da bawul ɗin da ke kai ruwa tanki da na bayan gida. Ka zaɓi famfo mafi kusa da mitar, wanda ruwansa daga mitar yake zuwa kai tsaye, ba daga tanki ba. Buɗe shi sosai na 'yan mintoci har tari da kumfa su ƙare, domin mita mai farfela iska ma tana juya ta, kuma tana ƙirga ta a matsayin ruwa. Bawul ɗin da ke gaban mitar, ta gefen shigowar ruwa, ka bar shi a buɗe gaba ɗaya. Daga bakin fita ake rage gudu. Idan ka shaƙe ruwan tun kafin ya shiga mita, zai shiga a hargitse kuma matsinsa ya faɗi, sai ka auna abin da ba shi ne halin mitar ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne bawul biyu a jere a bakin fita: ɗaya ka saita gudu da shi ka bar shi, ɗaya kuma na buɗewa da rufewa. Idan da tiyo kake aiki, ka ɗaga bakinsa sama ta yadda zai kasance cike da ruwa a farko, cike a ƙarshe. Tiyon da ya fara a bushe ya ƙare a cike ya sace maka ruwan da mita ta ƙirga amma bai iso mazubi ba.

Saita gudun da agogo da kofin awo: Q1 na mitarmu ɗan sama da rabin lita ne a minti, zare siriri da bai kai ga tsinkewa ya zama ɗigo ba. Ka saita a lita 0.55 a minti, kada ka sauka ƙasa da Q1, in ba haka ba za ka hukunta mitar a inda ba ta yi alkawari ba. Lissafin kuskuren kuma shi ne:

```
E = (Vi - Va) / Va x 100
```

Vi shi ne abin da mita ta nuna, Va abin da sikeli ya tabbatar. Idan amsar ta fito da alamar ƙari, mita tana ƙirga fiye da ruwan da ya wuce. Idan da alamar ragi ce, tana ƙirga ƙasa da shi.

Bari mu bi misali ɗaya da lambobinsa. A ce ruwan digiri 25 ne. A ƙaramin gudu, lita 33 a awa, mita ta tashi daga 412.36840 ta tsaya a 412.37755. Bambancin 0.00915 na kubik mita, lita 9.15 ke nan. Sikeli ya ba da kilo 9.97 bayan cire nauyin mazubi. Raba da 0.997, lita 10.00. To 9.15 a cire 10.00, a raba da 10.00, a ninka da ɗari: −8.5. Aka maimaita sau biyu aka sami −8.0 da −9.0, matsakaicinsu na nan a −8.5. A lita 52 a awa, sikeli ya ce kilo 19.94, wato lita 20.00, mita ta ce 19.70: −1.5. A lita 300 a awa an tara 50.00, mita ta ce 50.40: +0.8. A lita 900 a awa an tara 100.00, mita ta ce 100.50: +0.5. Maimaitawar nan ba ado ba ce. Idan sakamako uku a gudu ɗaya suka warwatse sosai, musamman a babban gudu inda ya kamata su yi kusa da juna, ko dai aikinka bai natsu ba, ko akwai iska, ko wani abu na riƙe farfela yana saki.

Ka zana waɗannan a takarda. A tsaye kuskure ne, sifili a tsakiya. A kwance gudu ne, amma kada ka raba shi daidai-wa-daida, domin 33 da 52 za su manne a kusurwa ɗaya. Ka sa 10, 100, 1,000 da 10,000 a tazara iri ɗaya, kowane taki ninki goma na wanda ya gabace shi. Sannan ka ja layukan iyaka: 5 sama da ƙasa daga Q1 zuwa Q2, sai su tsuke su koma 2 daga Q2 zuwa gaba. Za ka ga siffa kamar mazurari a kwance, baki mai faɗi a hagu, wuya siriri a dama. Lafiyayyar mita mai farfela layinta yakan taso daga can ƙasa a hagu, ya shiga cikin iyaka kafin Q1, ya ɗan yi tozo sama da sifili a wajejen Q2, sannan ya kwanta kusan miƙe har ƙarshe. Mita mai fistin a maimakon farfela ma daga ƙasa take tasowa, ta kai ƙololuwa a tsakiya, ta ɗan sunkuya a babban gudu, saboda ruwan da ke sulalewa ta gefen fistin ba a ƙirga shi ba.

Layin misalinmu fa? Damansa lafiya lau, hagunsa ne ya zube. Wannan ita ce siffar tsufa. Ƙusar da farfela ke juyawa a kai ta cinye, ko laka da tsatsa sun ƙara mata nauyi, don haka ruwa mai rauni ba ya iya juya ta yadda ya kamata, mai ƙarfi kuwa bai ma san da gogayyar ba. Da sabuwa ce, ta faɗi a Q1. A matsayin mita mai aiki, tana cikin iyakar 10, amma ta kusa bakinta. Kuma ka lura, da gwajin bokiti kaɗai aka yi mata a famfo buɗe, da +0.5 za a gani a ce ba ta da wata matsala.

Abin da wannan ke nufi ga kuɗin ruwa ya danganta da yadda gidan ke shan ruwa. A ƙaddara kashi 10 na ruwan gidan a ƙaramin gudu yake wucewa, 15 a wajejen Q2, 75 a sama inda kuskuren ya kai kimanin +0.6. Ninka kowane kaso da kuskurensa ka haɗa: −0.85, −0.23 da +0.45, jimilla kusan −0.6. Mitar tana rage wa mai gida ne kaɗan. Amma gidan da ke cika tanki ta bawul mai ƙwallon da ke iyo a kan ruwa, wanda ke tsukewa a hankali yayin da tankin ke cika, ruwa mai yawa a siriri yake shiga. Idan rabon ya zama 40, 20, 40, mitar nan ɗaya za ta rage kusan kashi 3.5. A mafi yawan lokuta haka tsufan mita yake: asarar mai sayar da ruwa ce, ba ta mai saye ba.

Tunda ƙari kake zargi, ga siffofin da za su gaskata ka ko su nuna maka wani wuri. Idan layin gaba ɗaya ya ɗaga sama da kusan adadi ɗaya, a ce +5 ko +6 a matsakaici da babban gudu, abu biyu ne. Ko dai ma'auninka ne ya kauce, don haka ka jarraba sikelin da nauyin da ka tabbatar da shi. Ko kuma mitar da gaske tana ƙari. Hakan na faruwa idan datti ya tsuke ƙofar da ruwa ke bi ya bugi farfela, ko ya toshe wani sashe na rariyar da ke bakin shiga. Ruwan bai ƙaru ba, amma ya fi saurin fita ta ƙaramar ƙofa, sai farfela ta yi ta gudu fiye da kima. A mita mai ƙofofi da yawa akwai 'yar hanyar gefe da ake saita ta da ita a masana'anta; idan ta toshe, duk ruwan sai ya bi ta farfela, layin ya ɗaga. Gwiwar bututu ko bawul rabi-buɗe dab da mashigar mita ma na iya karkatar da layin, shi ya sa ake rubuta U da D a fuskarta: U0 D0 ba ta buƙatar miƙaƙƙen bututu, U10 D5 kuwa tana son ninki goma na faɗin bututun a gaba da biyar a baya. Haka nan harafin H na nufin a kwance aka tantance ta, V a tsaye. Mita mai farfela da aka kafa a tsaye ko aka karkatar da fuskarta gefe takan yi asarar ƙaramin gudu tun tana sabuwa, sai layinta ya yi kama da na tsohuwa.

Akwai siffa ɗaya da nake so ka riƙe sosai, domin ita ce ke yaudarar mutane: layin da ya yi sama ƙwarai a ƙaramin gudu, ya yi ta saukowa har ya kusa sifili a babba. Mita ba ta tsufa ta wannan fuska. Wannan yoyo ne tsakanin mita da famfon da kake tara ruwa. Yoyo adadinsa a awa kusan ɗaya ne ko ka buɗe famfo kaɗan ko da yawa. A ce lita 3 ne a awa. Kana tara 33, mita tana ganin 36, sai ya fito kamar ƙarin kashi 9. A gudun 900 kuwa ukun nan kashi 0.3 ne kawai, ba za ka ma gan shi ba. Lita 3 a awa lita 72 ne a rana, sama da kubik mita 2 a wata, kuma mita ba ta yi ƙarya ba idan ta ƙirga shi, ruwan ya wuce ta cikinta. Abin da ya fi ban tsoro, irin wannan yoyon a kan tsohuwar mitar misalinmu zai share −8.5 ɗin nan ya mayar da shi kusan sifili, ka ɗauka komai daidai ne alhali matsala biyu ce ta rufe juna.

Mutane kan ce sun rufe famfuna sun ga 'yar tauraruwar da ke tsakiyar fuskar mita ba ta motsi, don haka babu yoyo. Idan tana motsi, tabbas akwai. Idan ba ta motsi, ba a gama magana ba, domin yoyo ƙanƙani shi kaɗai bai isa ya tayar da farfela daga tsaye ba, sai an buɗe famfo ta fara juyi sannan ya shiga lissafi. Hanyar raba gardama ita ce a tara ruwan daga wuri mafi kusa da mita, a rufe bawul ɗin da ke bayansa mai kai ruwa sauran gida, a sake gwajin ƙaramin gudu. Idan sakamakon ya sauko, bututun gidan ne ke da laifi.

Idan kuma layin ya faɗi a babban gudu kaɗai, ƙarami da matsakaici suna lafiya, a mita mai busasshiyar fuska, wadda ruwa ba ya shiga wurin lambobinta, ana zargin maganaɗisun da ke haɗa farfela da lambobi: farfela na gudu, lambobin na sulluɓewa. Karyewar fiffiken farfela ma na sa layin ya sauka, amma ita takan taɓa ko'ina.

Duk abin da ka samu, kada ka taɓa hatimin mitar, kada ka kwance ta don wanke rariya, domin yanke hatimi yana rushe hujjarka, wankewar kuma tana goge shaidar da kake son a gani. Gwajin gida na nuna maka ne ko akwai dalilin kai ƙara, ba ya zama hujja a gaban hukumar ruwa. Idan ka sami ƙarin da ya haura kashi 4 a matsakaici ko babban gudu, ya maimaitu sau uku, ka kuma kawar da yoyo da iska, ka rubuta neman a gwada ta a ɗakin gwaji da aka amince da shi. Ka nemi a toshe bakunanta biyu da zarar an cire ta don kada cikinta ya bushe datti ya ƙanƙame ko ya zube, a gwada ta yadda take ba tare da an wanke ba, kuma a zaune irin zaman da take a gidanka. Takardar sakamakon ta nuna gudun da aka yi amfani da shi a Q1, Q2 da Q3, yawan ruwan da aka tara a kowanne, zafin ruwan, da kuskuren kowane gudu daban, domin ka ɗora su a kan zanen da ka yi a gida ka ga ko siffar ɗaya ce.